Idan An Gogi Motarka a Cikin Gari: Abin Da Za Ka Yi Kafin a Matsar da Motocin

Ƙaramin haɗari nake nufi a nan, irin wanda ake gani kullum a garin Bauchi, a shataletalen Wunti, ko bakin kasuwar Muda Lawal, ko kan titin Yelwa da yamma: bamba ta tsage, fitila ta fashe, ƙofa ta lotsa, amma kowa ya fito da ƙafarsa. Irin wannan ne mutane suka fi yin asara a kansa, domin ganin ba a ji ciwo ba sai kowa ya saki jiki, a matsar da motoci, a yi musabaha, a rabu a kan "za mu yi waya". Bayan kwana biyu magana ta canja, kuma babu abin da zai nuna yadda aka yi. Shaidar da za ta raba gardama tana nan ne a kan kwalta cikin mintuna goma zuwa sha biyar na farko. Da zarar taya ta juya, rabinta ya tafi.

Abin ya taɓa faruwa da ni a shataletalen Gidan Mai bayan la'asar. Ina cikin shataletalen a Corolla, sai wata Sharon ta haya ta shigo ta damana, kusurwar bambarta ta hagu ta daki ƙofata ta gaba. Da wannan zan riƙa ba da misali.

Tsaya, sannan ka duba mutane kafin ƙarfe

Ka taka birki ka tsaya a inda kake, ka kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa, ka ja birkin hannu, ka kashe injin. Kashe injin ba ƙaramin abu ba ne, domin idan lagireto ya huje ko tiyon mai ya tsage, barin mota a kunne na iya mayar da gyaran kwana ɗaya ya zama sauke inji. Kafin ka buɗe ƙofa ka leƙa madubi, saboda 'yan acaɓa da masu keke napep ba sa tsayawa don an yi karo, ratsawa suke yi ta kowace kafa.

Ka tambayi waɗanda ke motarka ɗaya bayan ɗaya, musamman yara da tsofaffi da mai juna biyu. Sannan ka je wajen ɗaya motar ka yi haka. Wanda ya ce wuyansa ya riƙe, ko kansa na juyawa, ko ya bugu a ƙirji da sitiyari, kada a ce masa "ai ba komai, tashi ka miƙe". Daga nan abin ya fita daga ƙaramin haɗari, asibiti ya zama farko, hoto ya koma na biyu. Lambar 'yan Rod Sefti ita ce 122, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112, dukkansu kyauta ake kira. Ciwon wuya da na baya sukan ɓoye a ranar su bayyana washegari, don haka ko kai kanka idan ka tashi da safe ka ji wuya ya ƙi juyawa, ka je a duba ka, ka kuma adana katin asibiti da rasit.

Idan kowa lafiya, ka fito da alamar nan mai kusurwa uku da direbobi ke kira kwashan, ka ajiye ta a bayan motar. A cikin gari taku ashirin zuwa talatin ya isa, amma a kan babbar hanya irin ta Jos ko ta Gombe, inda motoci ke zuwa a guje, ka kai ta taku hamsin ko fiye, kuma idan akwai kwana ka sa ta kafin kwanar. Ganyen da muka saba zubawa a titi yana taimakawa da rana, da dare kuwa ba a ganinsa. Fasinjoji su sauka ta ɓangaren da babu motoci, su tsaya a gefe, kada kowa ya tsaya tsakanin motocin biyu.

Abin da bakinka zai faɗa

Cikin minti biyu jama'a za su taru, kuma kowa da hukuncinsa. Wani zai ce mai babbar mota ne da laifi, wani zai ce a yi haƙuri talaka ne, wasu kuma ba su ga komai ba, ƙarar kawai suka ji. Kada ka yi shari'a da taro. Mutum ɗaya ne abokin maganarka, shi ne direban ɗaya motar.

Ka yi masa sallama, ka ce "Sannu malam, babu dai wanda ya ji ciwo ko? Allah ya kiyaye gaba." Wannan tarbiyya ce, kuma tana sauke zafin zuciya fiye da yadda ake zato. Abin da nake hana mutane shi ne su ce "laifina ne, zan biya komai" tun ba su san girman ɓarnar ba. Ba ina cewa ka yi ƙarya ko ka musanta abin da ka san ka yi ba. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru: daga ina ka fito, ina ka nufa, ka ba da sigina ko ba ka ba. Amma mutumin da jikinsa ke rawa bai cika ganin abu daidai ba, kuma takardun inshora galibi suna ɗauke da sharaɗin kada ka amsa alhaki ko ka yi alkawarin biya ba da sanin kamfanin ba. Kalmar da ka faɗa a gaban mutum ashirin ba ta dawowa.

Kada ka zare makullin motar wani, kada ka riƙe masa lasin da ƙarfi, kada ka ci kwalarsa. Wanda aka yi wa ɓarna yakan koma mai laifi ta wannan hanyar. Idan kuma ka ga taron ya fara zafi, ana dukan motarka ko ana neman taɓa ka, ka shiga ka kulle, ka wuce kai tsaye zuwa caji ofis mafi kusa ka kai kanka. Wanda ya kai kansa wajen 'yan sanda ba a lissafa shi da wanda ya gudu.

Hoto

Nan ne aikin yake, kuma a nan zan daɗe. Masu hon za su dame ka, wani zai ce "Alhaji ka gyara mana hanya mana". Ka ce masa "minti biyu, don Allah", domin gaskiya minti biyu zuwa uku sun isa idan ka san abin da kake ɗauka. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya manna waya a jikin inda ya lotsa ya ɗauki hoto biyar iri ɗaya. Irin wannan hoton yana nuna an yi ɓarna, amma bai nuna wa ya yi ta ba, kuma wa ya yi ta shi ne abin da za a yi jayayya a kai.

Ka fara daga nesa. Ka ja baya taku goma zuwa sha biyar, ka ɗauki motocin biyu tare daga gaba, daga baya, daga hagu, daga dama. Kowane hoto ya haɗa da titin kansa: layin fenti idan akwai, bakin kwalbati, tsibirin shataletale, fitilar ba da hannu, da wani abu da ba ya motsi wanda kowa zai gane wajen da shi, kamar allon gidan mai ko ƙofar wani shago. A nawa haɗarin, hoto guda ne ya kashe magana. Na ɗauke shi daga bayan Sharon ɗin, yana nuna motata ta riga ta shiga cikin da'irar gaba ɗaya, ita kuma tayoyinta na baya suna kan hanyar shigowa. Ƙa'idar shataletale a Najeriya ita ce mai shigowa ya jira wanda ke ciki, wato wanda ke tahowa ta hagunsa. Da mun matsar da motocin tukuna, da sai dai a yi ta rantsuwa.

Daga nan ka matso tsaka-tsaki, ka ɗauki kowace mota ita kaɗai yadda lambarta da inda ta bugu za su fito a hoto ɗaya. Wannan ne ke ɗaure ɓarnar da motar, kada gobe a ce hoton wata mota ce. Sai ka zagaye motar ɗayan ka ɗauki har ɓangarorin da ba su bugu ba. Motocin haya da yawa suna yawo da tsohon rauni, kuma idan laifin ya faɗo kanka, za ka so a rarrabe abin da ka yi da abin da ka tarar. Ana gane tsohon rauni da tsatsa a bakinsa, ko ƙura da ta zauna a cikin tsagar, ko waya da aka ɗaure bamba da ita. Sabo kuwa ƙarfensa na ƙyalli, robarsa fara tas a inda ta karye.

Sai na kusa. Ka ɗauki inda motocin suka haɗu tun suna manne, sannan ka nemi fentin da kowace ta bar wa 'yar'uwarta. A ƙofata akwai farin fenti da ya ja layi daga gaba zuwa baya, a kusurwar bambarsa kuma akwai ruwan tokar motata. Tsayin layin daga ƙasa daidai yake da tsayin bambarsa. Ka sa makulli ko tafin hannunka kusa da raunin don a gane girmansa, kuma ka ɗauka a karkace, domin lotsawa ba ta fitowa sosai idan ka fuskance ta kai tsaye, musamman a farar mota cikin rana.

Kada ka manta da ƙasa. Fasassun gilas da ɓaraguzan roba da busasshen taɓon da ya zubo daga ƙarƙashin mota sukan faɗi kusa da inda aka haɗu, ko da motocin sun gangara gaba. Haka ma sawun birki a kwalta. Waɗannan su ne farkon abin da ke ɓacewa, domin motoci biyar suka bi ta kai shi ke nan. Idan da dare ne, ka ɗauki kowane hoto sau biyu, da hasken waya da kuma ba shi, saboda lambar mota tana mayar da haske har ta ƙi karantuwa. A ƙarshe ka yi bidiyo na rabin minti kana zagaya wajen, kana faɗin rana da lokaci da sunan wurin da bakinka.

Idan ka gama, a matsar da motocin gefe in suna iya tafiya. Tare hanya da gangan laifi ne, kuma yana jawo karo na biyu. Idan dai kun riga kun san ba za ku daidaita ba kuma 'yan sanda na hanya, to ku zana inda kowace taya take da gawayi ko dutse kafin a matsar, ku ɗauki hoton zanen. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba: idan za ka tura hotunan ta WhatsApp, ka tura su a matsayin Document. Turawa ta hanyar da aka saba tana rage ingancin hoto, tana kuma goge bayanin rana da lokacin da ke cikinsa. Na asalin su zauna a wayarka, kada ka yanke su ko ka yi zane a kansu.

Musayar bayanai

A gefen titi, bayan hankali ya ɗan kwanta, sai ku nuna wa juna takardu. Ka fara miƙa naka, hakan yakan sa ɗayan ya saki jiki. Abin da kake so shi ne hoton lasin ɗinsa gaba da baya, hoton takardun motar, da hoton takardar inshora inda sunan kamfani da lambar inshorar da ranar ƙarewarta suka fito. Hoto za ka ɗauka ka mayar masa da abinsa, ba riƙewa ba. Ka dubi fuskar da ke lasin ka dubi mutumin, ka kuma gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin mota.

Lambar waya kuwa kada ka rubuta kawai. Ka kira ta nan take ka ji ta yi ƙara a aljihunsa. Mutane da yawa sun koma gida da lambar da ba ta cika ba, ko wadda kullum a kashe take.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, "Malam, motar taka ce ko ta maigida ce?" A Bauchi yawancin motocin haya da keke napep ba na masu tuƙa su ba ne, balas suke kaiwa kullum ko biya suke yi sannu a hankali. Direban da ya buge ni yaro ne mai ladabi, bai yi musu ba ko kaɗan, amma abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin madubi ba. Mai motar yana wani gari. Na sa ya kira shi a gabana, muka gaisa, na karɓi sunansa da lambarsa, na kuma tambayi tashar da motar ke lodi da lambar da ƙungiyar direbobi ta rubuta a jikinta. Wannan lambar ta jiki tana da amfani ƙwarai, musamman a keke napep, domin da ita shugabannin tasha ke gano mutum cikin awa guda. Launin rubutun lambar mota ma yana gaya maka da wa kake magana: shuɗi na mota ce ta gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. Idan kore ce, ka nemi sunan ma'aikatar da sashen da ke kula da motocinta, domin direban ba shi zai yanke hukunci ba.

Takardar inshora ta bogi ta yi yawa, kuma sau da yawa mai motar kansa bai san ta bogi ba ce, haɗa masa aka yi da sauran takardu. Ana iya dubawa a wajen ta hanyar rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa. Ka danna wannan a waya, ka bi umarnin, ka sa lambar motar:

```
*565*11#
```

Ko ka shiga askniid.org. Idan motar ta fito da sunan kamfani da ranar da ba ta wuce ba, akwai inda za a nufa. Tun daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta sa kuɗin ƙaramar inshorar dole ta motar gida a kan naira 15,000 a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. A lura da kyau: wannan inshorar ba ta gyara motar mai ita, motar wanda ya buga take gyarawa. Wato idan an buge ka, inshorar wanda ya buge ka za a bi, idan kai ka buga, taka ce za ta biya shi. Mai cikakkiyar inshora ne kaɗai kamfaninsa ke gyara tasa motar.

Ka nemi shaida ɗaya ko biyu, amma ka zaɓa. Mai shago ko mai shayi ko mai faci da ke zaune a wajen ya fi mai wucewa, domin gobe ma a nan za ka same shi. Ka tambaye shi ko ya ga lokacin da aka haɗu ko bayan an haɗu ya juyo, ka karɓi lambarsa da izininsa.

Sulhu ko hukuma

Yawancin irin wannan a sulhu yake ƙarewa, kuma ni ma sulhu na fi so idan ɓarnar kaɗan ce kuma mutumin ya tsaya. Amma akwai inda ba na ba da shawarar a tsaya a kan sulhu kaɗai: idan wani ya ji ciwo ko kaɗan ne, idan direban ba shi da lasin ko ya ƙi nuna takardu, idan alama ta nuna a buge yake, idan an lalata kayan gwamnati kamar turken fitila, ko kuma idan za a nemi kuɗi daga inshora. Kamfanonin inshora kan nemi rahoton 'yan sanda, kuma sashen kula da haɗarin motoci, wanda ake kira MTD, shi ke zuwa ya auna ya zana taswirar wajen, wani lokaci a kira jami'in VIO ya duba lafiyar motocin. Ka karanta bayaninka kafin ka sa hannu. Ka kuma sanar da kamfanin inshora a ranar ko washegari, kada ka taɓa gyaran sai sun turo an duba, domin motar da aka riga aka buge aka fente ba ta da abin nunawa.

Idan sulhu za a yi, kada a yanke kuɗi a bakin titi da ido. A wajen, wani dattijo ya dubi ƙofata ya ce naira 40,000 ta isa, kowa ya ce haka ne. Na ce a'a, mu je wajen fanal bita tare. Da aka buɗe, sai ga maƙalin ƙofar ya goce har ba ta rufuwa daidai, injin ɗaga gilas ya karye a ciki, madubi ya tafi, ga fenti na ƙofa da fenda. Lissafi ya tsaya a naira 135,000. Da na karɓi arba'in ɗin a titi, sauran daga aljihuna za su fito, kuma ba ni da bakin komawa.

Kafin ka tuƙa motar zuwa gareji ma ka duƙa ka leƙa ƙarƙashinta. Ruwa fari tas da ke ɗiga daga wajen fasinja yawanci na na'urar sanyaya mota ne, ba matsala. Ruwa kore ko ja-ja mai santsi na lagireto ne, baƙi mai kauri kuma man inji ne, kuma da ɗayan biyun nan kada ka tayar da mota, a ja ta. Ka taka birki ka ji ko ya yi laushi. Idan ka fara tafiya ka ga sitiyari ya karkace alhali motar na tafiya miƙe, ko tana ja gefe guda, to bugun ya kai ga ƙafa, sai bakanike ya duba, ba fanal bita kaɗai ba. Ka sa ido a kan allurar zafi har ka isa.

Abin da aka amince a kai a rubuta shi, ko a takardar littafin makaranta ce. A sa rana da wuri, lambobin motocin biyu, sunayen direbobi da na mai mota, abin da ya lalace ɗaya bayan ɗaya, wanda zai biya, nawa, a wane gareji, zuwa wace rana. A bayyana ko sabon kaya za a sa ko na gwanjo, domin a kan fitila da madubi ake yawan saɓawa daga baya. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya ɗauki hoton takardar. Wasu na jin nauyin neman rubutu, suna ganin kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu.

Mu namu mun rubuta cewa mai Sharon zai biya kashi biyu, 80,000 a ranar da aka fara aiki, 55,000 bayan mako biyu, kuma kai tsaye ga mai gareji ta banki, don rasit ya zauna a wayar kowa. Sakataren tasharsu ya sa hannu a matsayin shaida. Kashi na biyu ya yi jinkirin kwana huɗu, na tura wa sakataren hoton takardar, washegari da hantsi mai gareji ya kira ni ya ce kuɗi sun shigo, in zo in ɗauki mota.